Yadda ake haɗa mabuɗi da marufin shirin bidiyo: daƙiƙa 4 a gaba, 12 a baya

Tun da 'yar ƙanwata ta sauya mabuɗin shirin girkin da take ɗorawa duk Juma'a daga nan Jidda, tambaya ɗaya ake ta yi mini, a wajen ɗaurin aure, a bakin masallaci, har da wasu 'yan Makka da suka aiko ta hannun mahaifiyarta: wa ya yi mata, nawa ta biya, da wace manhaja? Ni na yi mata, kuma ba ta biya ko halala ɗaya ba. Ga yadda muka yi shi daki-daki. Da na ce mabuɗi ina nufin ɗan guntun nan mai tambari da sauti da ke fitowa kusa da farkon kowane kashi, wanda yara ke cewa intiro. Marufi kuma shi ne na ƙarshe. Don misali ya zauna, mu ƙaddara sunan shirin Ɗanɗanon Gida.

Abin da ta zo mini da shi daƙiƙa 19 ne. Tambari na juyi kamar fanka, wuta na tartsatsi, ga wani kiɗa da ta tsinto a cikin manhajar waya. Ta ce, "Kawu, mutane suna yabawa fa." Na ce waɗanda suka yaba sun gani sau ɗaya ne, mai bin shirin kuwa zai gani sau hamsin a shekara. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, saboda wannan mutumin na biyu ne.

1. Kayan aiki da kuɗinsu

Kwamfuta mai ɗan ƙarfi, wayar da kake ɗauka da ita, da abin saurare na kunne. Manhaja uku nake amfani da su, kuma duka kyauta ne: Inkscape don zanen tambari, Audacity don sauti, DaVinci Resolve don haɗawa. Resolve yana da na kuɗi mai suna Studio, dala 295 biya ɗaya, wato wajen riyal 1,106 tunda dala tana kan riyal 3.75, amma babu abin da wannan aikin ke buƙata a cikinsa. Wanda ba shi da kwamfuta zai iya bin matakan nan da CapCut a waya, illa ƙirga firam, wato hotuna ɗaiɗai da ke jeruwa su zama bidiyo, da yatsa yana da wahala.

Idan zane ba hannunka ba ne, tambarin kaɗai za ka ba wani ya yi. A dandalin Khamsat, inda ake ba masu sana'a aiki ta intanet, ayyuka suna farawa daga dala 5, ƙasa da riyal 20, ko da yake mai hannu da kyau ya fi haka. Kafin ka biya, ka sharɗanta masa zai ba ka fayil na `SVG` da kuma `PNG` marar bango. Wanda ya turo maka hoto ta WhatsApp kawai, bai gama aiki ba.

2. Daidaita ma'auni kafin ka taɓa komai

Mabuɗi baƙo ne a cikin bidiyonka, dole ya sa irin kayan masu gida. Duba bidiyon da ka saba ɗauka ka ga girmansa da yawan firam ɗinsa a daƙiƙa. Na kwance na YouTube yawanci fiksel 1920 ne a faɗi, 1080 a tsayi. Na tsaye na TikTok da Shorts kuwa 1080 a faɗi, 1920 a tsayi. Mai manhajar `ffmpeg` a kwamfutarsa zai iya tambayar fayil ɗin kai tsaye:

```
ffprobe -v error -select_streams v -show_entries stream=width,height,avg_frame_rate shiri.mp4
```

A nan Saudiyya ina ba da shawarar firam 30 a daƙiƙa. Dalili shi ne wutar lantarkin ƙasar tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ba 50 ba kamar ta Najeriya, Nijar ko Sudan. Wanda ya zo daga gida da al'adar ɗauka a kan firam 25, idan ya ɗauki kicin a ƙarƙashin fitilar silin, zai iya ganin hasken yana ƙyafta ido ko wasu layuka suna gangarowa. Wanda ke Sudan kuma akasin haka ne, 25 ce tasa.

Gargaɗi: a Resolve, ka shiga `Project Settings` ka saita `Timeline frame rate` tun kafin ka shigo da ko fayil ɗaya. Da zarar kaya sun shiga, wurin yana kullewa. Mabuɗin da aka yi a kan 24 aka dasa a shiri mai 30 za ka gane shi: tambarin yana tafiya yana ɗan tuntuɓe maimakon ya zame sumul.

3. Fara da sauti, ba da tambari ba

Nan ne mafi yawan mutane ke juya aikin baibai. Su gama motsa tambari, sannan su shiga neman kiɗan da zai dace, sai a ƙare da tsawaita hoton don ya cimma kiɗan. Haka daƙiƙa 5 ke zama 19. Idan sauti ya riga zuwa, shi ke yanke tsawon, shi ke nuna wa hoto inda zai taka.

Kuma ba dole sai kiɗa ba. A cikin masu kallon 'yar tawa akwai hajiyoyin Makka da Madina da yawa waɗanda da sun ji kiɗa za su rage murya ko su fita gaba ɗaya. Sai muka ɗauki sautin daga kicin ɗinta: dukan taɓarya sau uku a turmi, irin na lugude, sannan ƙarar albasa ta faɗa cikin mai mai zafi. Duk Bahaushiyar da ta ji wannan ta san inda aka dosa tun hoto bai fito ba. Mai shirin ɗinki yana da ƙarar keke da almakashi, mai shirin gyaran waya yana da ƙarar kunnuwar waya. Ka nemi naka a cikin sana'arka.

Ga yadda muka ɗauka. Muka kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da firji, muka jira bayan sallar asuba kafin motoci su cika titi. Mukayyif shi ne babban maƙiyin mai ɗaukar sauti a Jidda, kunne ya saba da gurnaninsa har ba ya ji, amma makirfo yana ji. Muka ajiye wayar kamar kamu biyu daga turmin, a kan matashi don kada girgizar ƙasa ta shiga. Ta yi duka wajen ashirin, kowanne da tazara, muka zaɓi uku mafi kauri. Man kuma muka ɗauke shi daban, wayar tana nesa da tartsatsi.

A Audacity, abu na farko ka mai da ma'aunin sautin aikin, wato `Sample Rate`, 48000, domin shi ne na bidiyo, manhajar kuwa tana yawan buɗewa a kan 44100. Sannan ka jera dukan a kan tazarar rabin daƙiƙa: na farko a sifili, na biyu a 0.5, na uku a 1.0, mai ya ɗauka a 1.5. Na zaɓi rabin daƙiƙa ne da gangan, domin a firam 30 rabin daƙiƙa firam 15 ne cif, babu ɓurɓushi. Ƙarar man ta ci gaba tana raguwa a hankali har daƙiƙa ta 5, wato ta zarce hoton da daƙiƙa ɗaya. Wannan jelar za ta shige ƙarƙashin sallamar mai gabatarwa, ita ce ke ɗinke mabuɗin da shirin. In aka datse sautin daidai inda hoto ya ƙare, sai a ji kamar an rufe ƙofa da ƙarfi.

Dukan turmi ƙasa-ƙasa yake, lasifikar waya kuwa ba ta fitar da irin wannan kaurin. A abin kunne mun ji shi kamar ganga, a waya sai ya ɓace. Maganinsa, muka ɗora ƙarar cokalin katako a bakin akushi a kan kowane duka, a hankali, don ya ba shi baki. Fitar da sautin a `WAV`, kada ka yi `MP3`, domin za a sake matse shi a gaba.

Gargaɗi ga mai son kiɗa: kada ka yanko daga waƙar kowa, ko da daƙiƙa uku ce, ko da ta fim ɗin Hausa ce da kake ganin babu mai bibiya. YouTube yana da tsarin Content ID da ke gane sauti, kuma tunda mabuɗi yana cikin kowane kashi, ƙorafi ɗaya zai iya bin bidiyo hamsin a lokaci guda. Kiɗan da ke cikin manhajojin waya ma ba lallai izininsa ya kai YouTube ba. Wanda ya fi aminci shi ne `Audio Library` da ke cikin YouTube Studio, amma ka duba, wasu suna sharɗanta a rubuta sunan mai su a bayanin kowane bidiyo. Haka kuma ni ba na sa ayar Alƙur'ani a mabuɗi. Wuri ne da ake datsewa, ake tsallakewa, ake ɗora magana a kai, bai dace da karatu ba.

4. Tambari da rubutu

Tambarin da zai yi aiki a bidiyo shi ne wanda za a gane shi ko ya koma girman farcen babban yatsa. Nata turmi ne da taɓarya, launi biyu, ruwan ƙasa mai duhu a kan ruwan madara. Muka zana turmin daban, taɓaryar daban, muka fitar da kowanne a `PNG` marar bango mai faɗin fiksel 2000, domin guda biyun za su motsa daban-daban. Tambarin da aka manne wuri ɗaya babu abin da zai iya sai girma da ƙanƙancewa. Rubuta lambar kowane launi a takarda, irin `#4A2C17`, don kada bayan wata shida ka dawo kana kintace da ido.

Bango ya zama launi ɗaya shimfiɗe. Launin da ke narkewa daga duhu zuwa haske yana kyau a kwamfutarka, amma bayan YouTube ya matse shi, sai ya fito hawa-hawa kamar matakala. Siririn jan rubutu a kan baƙi shi ma yana jiƙewa a gefe.

Yanzu ga abin da ya fi cin mu, mu Hausawa: haruffa masu lanƙwasa. Sunan shirinta yana da Ɗ babba da ɗ ƙarama. Yawancin salon haruffan ado ba su da ɓ, ɗ, ƙ, sai manhaja ta aro su daga wani salon ba tare da ta faɗa maka ba. Za ka gane idan ka ƙura ido: harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa siranta, ko ya ɗan ɗaga sama, wani lokacin ma akwati ne fanko ke fitowa a gurbinsa. Kafin ka ƙaunaci kowane salo, ka rubuta "ɓarawo ya ɗauki ƙwarya" da shi ka gani, sannan ka gwada manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ su ma. Noto Sans da Andika da Charis SIL duk suna da su, kuma kyauta ne. Kada ka yarda da masu cewa a rubuta Dandanon Gida kawai a wuce. Wanda zai ga sunan sau hamsin ya cancanci a rubuta masa daidai.

Muka ƙara layi na biyu da Larabci, saboda jikokin Hausawan nan da yawa suna jin Hausa sarai amma da Larabci suka yi makaranta, boko ba ya karantuwa gare su da sauri. Ga Larabci akwai Cairo da Tajawal da Noto Kufi Arabic, su ma kyauta. Matsalarsa daban ce: wasu manhajojin suna warware haruffan, su jera su ɗaiɗai daga hagu zuwa dama. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka rubuta layukan biyu a Inkscape, ka tabbatar sun zauna daidai, ka mai da su zane da `Object to Path`, ka fitar da su a `PNG`. Daga nan babu kwamfutar da za ta sake ɓata su. Kuma kada ka sa rubutun Larabci ya fito harafi bayan harafi kamar ana buga tafireta, domin siffar harafi tana sauyawa idan na gaba ya iso, sai kalmar ta riƙa ɓari. Ya fito gaba ɗayansa, ko a yaye shi daga dama zuwa hagu.

Gargaɗi: kada tutar Saudiyya ko tambarin dabino da takubba biyu su shiga tambarinka, hukuma ta hana amfani da su a harkar kasuwanci. Sunan Allah ma ka bar shi a waje. Yau a allo yake, gobe 'yar tawa za ta buga shi a ledar yajin da take sayarwa, leda kuwa shara take ƙarewa.

5. Ɗora hoto a kan sauti

Shigo da sautin cikin Resolve, ka faɗaɗa layinsa har ka ga tsinin kowane duka. Daƙiƙa 4 firam 120 ne, kuma ga yadda muka raba su.

Turmin yana nan tsaye a tsakiyar allo tun firam na farko, babu fitowa daga duhu. Taɓarya tana sauka cikinsa a firam 0, da 15, da 30, daidai kan tsinin sautin. Tsakanin duka da duka tana ɗaukar firam 10 tana hawa, firam 5 tana faɗowa, domin abu mai nauyi a hankali ake ɗaga shi, da sauri yake sauka. A firam 45, inda mai ya ɗauki ƙara, tambarin gaba ɗaya ya ɗan ƙanƙance ya matsa sama don ya ba rubutu wuri. A firam 60 layukan suna biyu suka bayyana tare cikin firam 6. Daga nan har firam 105 babu abin da ke motsi. A firam 15 na ƙarshe komai ya yaye, fuskar mai girki ta fito.

Wannan tsayuwar ta kusan daƙiƙa ɗaya da rabi ita ce mutane ke jin tsoro, sai su cusa mata walƙiya ko girgiza. Bar ta haka. A nan ne ido ke karanta sunan, kuma ido ba ya karanta abin da ke rawa.

Ana yin motsin ne a `Inspector`. Kusa da `Position` da `Zoom` da `Opacity` akwai 'yar alama mai siffar lu'ulu'u. Ka tsaya a firam ɗin da motsi zai fara ka danna ta, ka je inda zai ƙare ka sauya lambar, manhaja za ta cike tsakani. Sai dai cikon nata a miƙe yake kamar na inji. Danna alamar ta ƙarshe da maɓallin dama ka zaɓi `Ease In`, tambarin zai rage gudu kafin ya tsaya. Faɗowar taɓarya ce kaɗai ba ta son wannan laushin, ita dole ta sauka da ƙarfinta.

Yadda za ka gane ko hoto da sauti sun haɗu: ka bi firam ɗaya-ɗaya da maɓallin kibiya a wajen dukan. Idan za a yi kuskure, gara sauti ya makara da firam ɗaya da ya riga hoto, domin a duniya ma ido ke riga kunne, mun saba ganin mai daka daga nesa kafin ƙarar ta iso. Kada ka yi wannan gwajin da abin kunne marar waya, shi kansa yana jinkirta sauti, zai sa ka gyara abin da ba shi da laifi.

Gargaɗi: kada lambar kashi, ko kwanan wata, ko sunan abincin ranar, ko tambarin mai ɗaukar nauyi su shiga cikin mabuɗin. Duk abin da ke sauyawa mako-mako a ɗora shi daga baya a matsayin rubutu daban. Tsohon nata yana ɗauke da lambar wayar da ta daina amfani da ita, kuma yana nan manne a bidiyo fiye da talatin. Batun mai ɗaukar nauyi kuwa, talla a kafafen sada zumunta a Saudiyya tana da lasisinta mai suna Mawthooq, ka san matsayinka a kai kafin tambarin kowane shago ya hau allonka.

6. Ƙarfin sauti

Kowa ya taɓa kunna bidiyo cikin dare, magana ƙasa-ƙasa, ya ƙara murya, sai mabuɗi ya fashe ya tashi yara. Ana auna ƙarfin da kunne ke ji da ma'aunin `LUFS`, kuma YouTube yana rage duk bidiyon da ya wuce wajen -14, amma ba ya ɗaga wanda ya gaza. Abin lura, bidiyon gaba ɗaya yake aunawa, ba ya gyara bambancin da ke tsakanin mabuɗi da magana. Wannan aikinka ne. Ga yadda za ka auna sautin mabuɗin da `ffmpeg`:

```
ffmpeg -i mabudi.wav -af loudnorm=print_format=summary -f null -
```

Duba `Input Integrated` da `Input True Peak`. Ka auna muryar mai gabatarwa haka nan. Muryar 'yar tawa muna ajiye ta a wajen -15, sai muka sa mabuɗin a -18, tsininsa kuma bai haura -1 ba. Na fi son ya gaza magana da kaɗan, domin duka da ƙarar mai sun fi murya kaifi a kunne ko da lambarsu ɗaya. A Audacity, `Loudness Normalization` zai kai shi lambar da ka rubuta.

7. Marufi

Marufi ba wurin godiya ba ne, wurin miƙa mai kallo ga bidiyo na gaba ne. YouTube yana ba ka damar ɗora akwatunan da ake dannawa a daƙiƙa 5 zuwa 20 na ƙarshe, muddin bidiyon ya kai daƙiƙa 25, kuma a bidiyon kwance har guda huɗu. Mu biyu muka sa, bidiyo ɗaya da da'irar `Subscribe`, a cikin daƙiƙa 12. Wanda aka miƙa wa abu huɗu yakan tsaya zaɓe har lokaci ya ƙare.

Tsarin allon: bango launin mabuɗi, tambari ƙarami a sama. A hagu an bar taga inda mai girki ke ci gaba da magana tana zuba abinci a faranti. A dama fili ne fanko na akwatin bidiyo, da gurbin da'ira a ƙarƙashinsa. Akwatunan ba kai ke zana su ba, YouTube ke ɗora su, kai fili kawai za ka bari. Don gurbin ya dace, ka fara ɗora bidiyon gwaji a `Unlisted`, ka shiga `Editor` sannan `End screen`, ka jera akwatunan yadda kake so, ka ɗauki hoton allon, ka shigo da shi Resolve ka yi zanenka a kansa. Wanda ya fara zane kafin wannan, zai tarar akwatin ya ƙi ƙanƙancewa zuwa girman gurbinsa, ko ya rufe rabin tambari.

Abin da ya fi zanen muhimmanci shi ne abin da bakinta ke faɗa. Da can takan ce, "To jama'a, a nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau," sannan marufi ya biyo baya, alhali kowa ya riga ya tafi. Yanzu marufin yana shigowa tana tsakiyar magana: "Wannan miyar da masa ta fi tafiya, ga yadda nake kwaɓa tawa a nan gefe." Sallama tana zuwa a daƙiƙa biyun ƙarshe, sai dukan turmi ɗaya tak ya rufe. Shi ya sa a `End screen` muke zaɓar `Choose specific video`, don abin da ta ambata shi ne zai fito.

Gargaɗi: akwatunan nan ba sa fitowa a bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne, ba sa fitowa a Shorts, kuma babu su a Facebook, TikTok ko WhatsApp. Idan ka ɗora fayil ɗaya ko'ina, mutanen can za su ga tana nuna fili fanko. Ka yi marufi na biyu mai daƙiƙa 2, tambari da duka ɗaya kawai, don waɗannan wuraren. Mai aiki da CapCut kuma ya duba ƙarshen layinsa, manhajar takan liƙa nata marufin da tambarinta, sai an goge.

8. Fitarwa da ajiya

Fitar da mabuɗin a girman shirin da firam ɗinsa, da inganci mafi girma da manhajar ta ba ka. Tunda namu yana yayewa ya bayyana fuskar mai girki a ƙarƙashinsa, yana buƙatar bango mai gani-ta-ciki, `MP4` na yau da kullum kuwa ba ya ɗaukar wannan, baƙi zai cike gurbin. Ka zaɓi `QuickTime` da `ProRes 4444` ko `DNxHR 444`, ka kunna `Export Alpha`. In wannan ya yi maka nisa, ka bar yayewar, mabuɗin ya ƙare a cikakken allo ka yanka kai tsaye zuwa shiri. Babu mai kallon da zai yi ƙorafi.

Na tsaye a sake jera shi a aikin 1080 da 1920, kada a yanko shi daga na kwance, kuma komai ya taru a tsakiya domin sama da ƙasa da gefen dama rubuce-rubucen manhaja ne ke cinye su. A gajeren bidiyo ma daƙiƙa 4 ta yi yawa, duka ɗaya da tambari a kusurwa ya isa.

Tara komai a jaka ɗaya: `SVG`, hotunan `PNG`, ɗanyen sautin turmi, fayilolin salon haruffa, lambobin launi, da aikin Resolve kansa. Ajiye kwafi a wani wuri da ba kwamfutar ba. A Resolve, jefa mabuɗi da marufi cikin `Power Bins`, za ka same su a kowane sabon aiki.

9. Inda ake dasa shi, da yadda za ka san ya yi

Ba a fara bidiyo da mabuɗi. Wanda ya danna hoton dambun nama, dambu yake son gani. Daƙiƙa 8 zuwa 15 na farko a nuna abincin ya gama, ta faɗi abin da za a koya da jimla ɗaya, sannan turmi ya buga, sannan sallama. Wurin ya zama ɗaya kowane mako.

Kafin ka saki, tura wa kanka bidiyon ka kalla a waya mafi araha da ke gidan, da lasifikarta, a tsakar rana kusa da taga. Ka miƙa wa wani dattijo ka tambaye shi sunan shirin bayan kallo ɗaya. Mahaifiyarta muka ba, ta karanta na Larabcin, ta ce na bokon ya yi ƙanana, muka ƙara masa girma.

Bayan kwana biyu ko uku, shiga `Analytics` na bidiyon, ɓangaren `Engagement`, ka dubi layin da ke nuna yawan waɗanda suka ci gaba da kallo. Gangara a farkon bidiyo kowa yana da ita. Abin nema shi ne rami daidai inda mabuɗi yake, layin ya faɗa sannan ya sake ɗagowa bayansa, alamar mutane suna tsallake shi ne. A tsofaffin bidiyonta ramin a fili yake. Kada ka yanke hukunci da kashi ɗaya, ka jera huɗu ko biyar. In ramin yana nan a dukansu, ka cire duka ɗaya daga cikin ukun, ka matso da komai baya da firam 15, mabuɗin ya koma daƙiƙa uku da rabi, tsayuwar sunan kuwa kada ka taɓa ta.